Yadda ake rubuta rahoton nazarin faktoci na lalube: adadin faktoci, juyi da nauyin tambayoyi

A kundayen digiri da yawa, duk bayanin nazarin faktoci, wato gano ɓoyayyun abubuwan da rukunin tambayoyi ke aunawa tare, bai wuce layi biyu ba: "An gudanar da nazarin faktoci, an samu faktoci uku." Sai a manna jadawalin SPSS a ƙasa, a wuce gaba. Matsalar ita ce ba na'ura ce ta samo faktoci ukun nan ita kaɗai ba. Mai bincike ne ya zaɓi hanyar ciro su, shi ya yanke inda za a tsaya, shi ya zaɓi irin juyin da za a yi, shi kuma ya cire tambayoyin da suka ƙi zama wuri ɗaya. Idan wani ya ɗauki amsoshin nan ya bi wata hanya, yana iya fitowa da faktoci huɗu ko biyu. Saboda haka aikin rahoto shi ne ya faɗi kowace shawara da aka yanke, da dalilinta, da lambobin da aka dogara da su, ta yadda mai karatu zai iya maimaita aikin ko ya ƙalubalance shi.

Zan bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. Lambobinsa na koyarwa ne, na tsara su don wannan bayani, ba sakamakon wani bincike ba ne. A ce an raba wa malaman firamare 300 takardar tambayoyi 12 a kan gamsuwarsu da aiki, kowace tambaya tana da zaɓi biyar, daga "sam ban yarda ba" zuwa "na yarda ƙwarai". Za mu kira tambayoyin T1 zuwa T12.

Mataki na farko: faɗi abin da ka zuba a ciki

Fara da adadin mutanen da amsoshinsu suka shiga nazarin, ba adadin takardun da ka raba ba. Idan ka raba 340, 300 suka dawo a cike, to 300 ne lambar. Ka faɗi abin da ka yi da gurabun da aka bari babu amsa, domin SPSS yakan jefar da mutum gaba ɗaya idan ya tsallake tambaya ɗaya, muddin ba ka canza `Exclude cases listwise` ba. Ka faɗi manhajar da ka yi amfani da ita da lambar fitowarta. Idan akwai tambayoyin da aka rubuta a baibai, irin su "ba na jin daɗin aikina", ka ambaci cewa ka juya makinsu kafin nazari.

Akwai abu ɗaya da ake yawan mantawa: irin alaƙar da aka lissafa tsakanin tambayoyi. SPSS yana amfani da ta Pearson. Ga amsoshi masu zaɓi biyar da ba su karkata ɓangare guda sosai ba, mutane da yawa suna karɓar wannan. Amma idan zaɓin biyu ne ko uku, ko kusan kowa ya taru a kan "na yarda ƙwarai", alaƙar da ake kira `polychoric` ta fi dacewa, kuma ana samun ta a R. Ko wacce ka ɗauka, jimla ɗaya ta isa ka faɗe ta.

Daga nan sai gwaje-gwaje biyu da ke nuna ko amsoshin sun cancanci nazarin. Ma'aunin KMO yana tsakanin 0 da 1, kuma abin da aka saba nema shi ne 0.60 zuwa sama. A misalinmu 0.82 ne. Gwajin Bartlett kuwa ana kawo shi da lambobinsa uku: χ²(66) = 1217, p < 0.001. Lambar 66 tana fitowa ne daga p(p − 1)/2, inda p a nan ke nufin adadin tambayoyi, ba p ta gwajin ba, wato 12 × 11 ÷ 2. Mai duba kundi yana iya gane daga wannan lamba ko tambayoyi nawa suka shiga gwajin, don haka kada ka ce 12 ka nazarta alhali lambar tana nuna 55. Kada kuma ka kwafo "0.000" daga allo, ana rubuta p < 0.001. Ni dai ban cika ba wa gwajin Bartlett muhimmanci ba, domin da mutum 300 da wuya ya faɗi. Ka kawo shi, amma kada ka gina hujja a kansa.

Mataki na biyu: hanyar ciro faktoci

Idan ka shiga `Analyze > Dimension Reduction > Factor` ka danna `OK` ba tare da ka taɓa `Extraction` ba, abin da SPSS ya yi maka shi ne `Principal components`. Wannan hanya ce ta taƙaita bayanai, wadda ke ɗaukar dukan bambancin da ke cikin kowace tambaya. Nazarin faktoci kuwa yana neman bambancin da tambayoyi suka yi tarayya a kai ne kawai, ya ware saura a matsayin na tambayar ita kaɗai da kuskuren awo. Shi ya sa nauyin da hanyar farko ke bayarwa, wato lambar da ke nuna ƙarfin haɗin tambaya da fakta, yakan ɗan kumbura.

Ana gane wannan cikin sauƙi. Idan jadawalinka yana ɗauke da `Component` a kansa, ba nazarin faktoci ka yi ba, ko me ka rubuta a babi na uku. Idan kana son auna wani ɓoyayyen abu kamar gamsuwa, ɗauki `Principal axis factoring` ko `Maximum likelihood`. Ta biyun tana son amsoshi masu rarrabuwa daidai-wa-daida, ta farkon ba ta da wannan sharaɗi. A misalinmu, amsoshin tambayoyin albashi sun karkata zuwa rashin yarda, don haka aka ɗauki ta farko, kuma haka za a rubuta tare da dalilin.

Mataki na uku: faktoci nawa, kuma me ya sa

Nan ne ya kamata rahoto ya fi daɗewa, domin duk abin da ke biye ya rataya a kan wannan lamba. Darajar aigen ita ce yawan bambancin da kowace fakta ta ɗauka. Ga guda shida na farko, waɗanda allo ke nunawa a ƙarƙashin `Initial Eigenvalues`: 4.10, 1.72, 1.38, 1.04, 0.72, 0.63.

Ƙa'idar Kaiser ta 1960 ta ce a riƙe duk wadda ta haura 1. Ita ce SPSS ke bi idan ba a hana shi ba, kuma a nan za ta ba mu faktoci huɗu. Amma dubi ta huɗun: 1.04. Da mutum goma sun amsa daban, da tana iya zama 0.98. An daɗe da sanin cewa wannan ƙa'ida takan ba da faktoci fiye da kima, musamman idan tambayoyi suna da yawa.

Hanya ta biyu ita ce zanen gangare da Cattell ya kawo a 1966, wanda allo ke kira `Scree Plot`. Ana duba inda layin ya daina gangarowa da ƙarfi ya miƙe, a riƙe abin da ke sama da wannan gwiwa. Da lambobinmu, wani zai ga gwiwar bayan ta farko, wani bayan ta huɗu. Idan zanen bai yanke hukunci ba, ka faɗi haka. Ya fi ka rubuta "zanen ya nuna faktoci uku ƙarara" alhali duk wanda ya kalla zai ga ba haka ba ne.

Hanya ta uku, wadda na fi yarda da ita, ita ce gwajin kwatance na Horn na 1965. Na'ura tana ƙirƙiro amsoshin da babu wata alaƙa a tsakaninsu, masu girman naka daidai, wato mutum 300 da tambaya 12, sau ɗaruruwa ko dubu. Sai ta lissafa darajojin aigen da sa'a kaɗai ke iya haifarwa. Faktar da darajarta ta fi ta sa'a ita ake riƙewa. A misalinmu matsakaitan darajojin sa'a su ne 1.33, 1.24, 1.17, 1.11. Uku na farko sun wuce: 4.10 ta fi 1.33, 1.72 ta fi 1.24, 1.38 ta fi 1.17. Ta huɗu ta gaza, domin 1.04 ba ta kai 1.11 ba. Ma'ana, amsoshin da babu komai a cikinsu ma suna ba da ta huɗu da ta fi tamu girma.

Akwatin `Factor` na SPSS ba shi da wannan gwaji, sai dai a yi amfani da umarnin da O'Connor ya wallafa a 2000. Jamovi da JASP suna da shi, haka ma kunshin `psych` na R, inda `amsoshi` ke nufin jadawalin amsoshinka:

```r
library(psych)
KMO(amsoshi)
cortest.bartlett(amsoshi)
fa.parallel(amsoshi, fm = "pa", fa = "pc", n.iter = 1000)
sakamako <- fa(amsoshi, nfactors = 3, fm = "pa", rotate = "oblimin")
print(sakamako, sort = TRUE)
```

Sai an girka `GPArotation` kafin juyin da ke layi na biyar ya yi aiki. A rahoto ka faɗi sau nawa aka maimaita ƙirƙiro amsoshin, da ko matsakaici ka kwatanta da shi ko matakin kashi 95, wanda ya fi tsauri. Ka kuma faɗi ko darajojin aigen na `pc` ne, wato na `Principal components`, ko na `fa`, wato na nazarin faktoci, domin ba koyaushe suke ba da amsa ɗaya ba.

Bayan lambobi, sai a gwada maƙwabta. Idan kana ganin uku ne, ka fitar da sakamakon biyu da na huɗu ka duba. A misalinmu, da aka tilasta huɗu, fakta ta huɗu tambayoyi biyu kawai ta ɗauka, T10 da T11, kuma duka biyun suna farawa da "A ajina". Kamannin lafazi ne ya haɗa su, ba wani sabon ɓangare na gamsuwa ba. Da aka tilasta biyu kuwa, tambayoyin shugabanci da na kayan aiki suka cakuɗe a wuri ɗaya. Wannan bayani jimla biyu ne a rahoto, amma shi ke nuna cewa an yi tunani kafin a tsaya a kan uku. Kada ka ɓoye cewa ƙa'idar Kaiser ta ce huɗu. Mai karatu zai ga 1.04 a jadawali ko ba ka faɗa ba.

Mataki na huɗu: juyi

Juyi ba ya ƙara ko rage jimillar bambancin da faktoci suka bayyana. Yana sake raba shi ne ta yadda kowace tambaya za ta yi nauyi a kan fakta ɗaya, ta yi sauƙi a kan saura. Iri biyu ne. `Varimax`, wanda Kaiser ya kawo a 1958, yana tilasta wa faktoci su kasance babu alaƙa a tsakaninsu. `Direct Oblimin` da `Promax` suna barin su su yi alaƙa idan amsoshin sun nuna haka.

Tambayar ita ce: akwai dalilin ɗaukar cewa gamsuwar malami da shugabansa ba ta da haɗi ko kaɗan da gamsuwarsa da kayan aiki? Hedimasta mai ƙoƙari shi ne yakan nemo alli da benci. Don haka a fara da juyin da ke barin alaƙa, a duba `Factor Correlation Matrix`. A misalinmu, albashi da shugabanci 0.35, albashi da kayan aiki 0.28, shugabanci da kayan aiki 0.42. Waɗannan ba ƙananan lambobi ba ne, kuma dole su shiga rahoto. Da sun fito kusa da sifili, da juyin biyu za su ba da kusan abu ɗaya. Da kuma wata ta kai 0.85, da sai a yi shakkar ko faktoci biyu ne ko ɗaya ce aka raba.

Ka rubuta sunan juyin da saitinsa: `Delta` 0 ga `Direct Oblimin`, ko `Kappa` 4 ga `Promax`, idan ba ka canza abin da SPSS ya zo da shi ba. Idan allo ya ce juyin ya kasa daidaituwa bayan zagaye 25, kada ka kwafo jadawalin. Ƙara adadin zagayen, in kuma har yanzu ya ƙi, mai yiwuwa faktocin da ka nema sun yi yawa.

Mataki na biyar: jadawalin nauyi

Juyin da ke barin alaƙa yana fitar da jadawali biyu. `Pattern Matrix` yana nuna gudummawar kowace fakta ga tambaya bayan an cire tasirin sauran faktoci. `Structure Matrix` kuma alaƙa ce tsantsa tsakanin tambaya da fakta. Ga bambancin a aikace: T3 tana da 0.12 a kan shugabanci a jadawalin farko, amma 0.35 a na biyu. Ƙarin ya zo ne ta hanyar albashi, wato 0.12 + (0.64 × 0.35) + (0.01 × 0.42). Wanda ya karanta na biyun a matsayin na farko zai zaci T3 ta raba ƙafa, ya cire ta a banza. Na farkon ake fassarawa da shi, shi ake sa wa a cikin babi, kuma taken jadawali ya faɗi wanne ne.

Ka sanar da iyakar da ka sa wa nauyi kafin ka nuna sakamako. An saba amfani da 0.30, 0.32 ko 0.40. Dalilin 0.32 shi ne idan aka ninka ta da kanta tana ba da kusan 0.10, wato kashi 10 cikin ɗari. Mu mun ɗauki 0.40 ga babban nauyi, da sharaɗin tazarar aƙalla 0.20 tsakaninsa da na biye.

T12, "Ana tura ni horon ƙaro ilimi", ta kasa cika duka sharuɗɗan biyu: 0.36 a kan albashi, 0.33 a kan shugabanci. Ba abin mamaki ba ne, domin malami yana kallon horo a matsayin haƙƙi mai alawus, kuma shugaba ne ke zaɓen mai tafiya. Aka cire ta. Abin da ba a so a tsallake shi ne sake gudanar da komai bayan cirewa, daga KMO har gwajin kwatance, domin nauyin sauran tambayoyi yana canzawa. Idan tambayoyin cirewa sun fi ɗaya, a riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya, a rubuta jerin da dalilin kowace. Ga jadawalin ƙarshe mai tambayoyi 11:

| Tambaya | Albashi da haƙƙoƙi | Shugabanci | Kayan aiki | h² |
|---|---|---|---|---|
| T1 Albashina yana biyan buƙatuna | 0.78 | 0.03 | −0.02 | 0.62 |
| T2 Ana biya na a kan lokaci | 0.71 | −0.05 | 0.08 | 0.52 |
| T3 Ana ƙara min girma idan lokaci ya yi | 0.64 | 0.12 | 0.01 | 0.48 |
| T4 Ina samun alawus ɗina | 0.56 | 0.06 | 0.10 | 0.39 |
| T5 Shugabana yana sauraro na | 0.02 | 0.81 | −0.04 | 0.64 |
| T6 Yana yin adalci a rabon aiki | −0.03 | 0.74 | 0.05 | 0.57 |
| T7 Yana yaba ƙoƙarina | 0.09 | 0.66 | 0.04 | 0.51 |
| T8 Ana shawara da mu | 0.04 | 0.58 | 0.11 | 0.42 |
| T9 Akwai isassun littattafai | 0.01 | −0.02 | 0.76 | 0.57 |
| T10 A ajina akwai wurin zama ga kowa | 0.07 | 0.04 | 0.68 | 0.52 |
| T11 A ajina akwai allo mai kyau | −0.04 | 0.13 | 0.57 | 0.39 |

Lura da cewa an rubuta lafazin tambayoyin, ba lambobinsu kawai ba. Idan babu lafazi, mai karatu ba shi da hanyar sanin ko sunan da ka raɗa wa fakta ya dace da abin da ke cikinta. An kuma bar ƙananan nauyi a fili. Zaɓin `Suppress small coefficients` yana da amfani lokacin da kake dubawa a allo, amma jadawali mai gurabu yana ɓoye bambanci tsakanin 0.02 da 0.29. Idan wuri ya tilasta ka ɓoye, rubuta iyakar a ƙasan jadawalin.

Layin h² yana nuna kason bambancin kowace tambaya da faktocin uku suka bayyana, kuma ana ɗauko shi daga `Extraction` na jadawalin `Communalities`. Idan ka ga wata ta kai 1 ko ta wuce, wannan ita ce matsalar Heywood: sakamakon bai inganta ba, kuma galibi alama ce ta faktoci sun yi yawa ko mutanen sun yi kaɗan. Ba a kai rahoton irin wannan kamar lafiya lau.

Sai kason bambancin da aka bayyana gaba ɗaya, inda ake yawan kwafo lambar da ba ita ba. Darajojin aigen uku na farko na tambayoyi 12 sun haɗa 7.20, wato kashi 60 cikin ɗari, kuma ita ce lambar da ido ke fara gani. Amma ta kafin ciro faktoci ce, kuma da T12 a ciki. Wadda ta dace da jadawalin da ke sama ita ce jimillar h², 5.63, a raba da 11, wato kashi 51. Haka nan bayan juyin da ke barin alaƙa ba a tara kason kowace fakta don samun jimilla, domin suna shiga juna. SPSS da kansa yana rubuta wannan gargaɗi a ƙasan `Total Variance Explained`.

Yadda sakin layin zai kasance a cikin kundi

"An gudanar da nazarin faktoci na lalube a kan tambayoyi 12 daga amsoshin malamai 300, da alaƙar Pearson da hanyar `Principal axis factoring`, saboda wasu amsoshin sun karkata. KMO ya kasance 0.82, gwajin Bartlett kuma χ²(66) = 1217, p < 0.001. Darajojin aigen huɗu sun haura 1 (4.10, 1.72, 1.38, 1.04), zanen gangare bai yanke hukunci ba, amma gwajin kwatance mai maimaici 1,000 ya goyi bayan uku, domin ta huɗu ba ta kai matsakaicin 1.11 ba. An duba sakamakon faktoci biyu da na huɗu. Ta huɗu tambayoyi biyu masu kamannin lafazi kawai ta ƙunsa. An riƙe uku, aka yi juyin `Direct Oblimin` da `Delta` 0. An cire T12 saboda nauyinta bai kai 0.40 ba kuma ya rabu biyu (0.36 da 0.33). Da aka sake nazarin da tambayoyi 11, gwajin kwatance ya sake nuna uku, waɗanda suka bayyana kashi 51 cikin ɗari na bambancin. Alaƙar faktocin tana tsakanin 0.28 da 0.42."

Bayan wannan sai jadawalin nauyi, da na alaƙar faktoci, da sabon KMO da Bartlett na tambayoyi 11, wanda lambarsa ta cikin baka za ta koma 55. Idan za ka kawo alfa ta Cronbach, ka lissafa wa kowace fakta tata da tambayoyinta na ƙarshe, ba guda ɗaya ga takardar duka ba. Wajen zaɓen kalmomi kuma, rubuta "sakamakon ya nuna alamar faktoci uku", kada ka ce "ya tabbatar". Tabbatarwa aikin wani nazari ne daban, wanda ake yi da amsoshin wasu malaman da ba su cikin 300 ɗin nan.